Awaki 10 na ɗaure tun ƙarshen damina har Kirsimeti, ga abinda ya rage min bayan an cire komai

Duk wanda yaga ranar da na saida awakin nan sai yace min ai ka warke, saboda lissafin da mutane ke yi gajere ne, ka sayi bunsuru dubu 41 ka saida shi dubu 86, toh ai ninki biyu kenan. Ni kuma da yake tun ranar farko na sayi littafi ɗan 40 na ajiye a garken, ko gishirin naira 200 na saya sai na rubuta, nasan ba haka abin yake ba. Riba dai an samu alhamdulillahi, amma ba daga inda ake zato ta fito ba, kuma shine dalilin da yasa na zauna rubuta wannan. Farashin da zan faɗa na lokacin da nayi ne a yankinmu na Kano, kowa ya san kasuwa bata tsayawa, sai ka cire nawa ka sa naka, tsarin lissafin dai ɗaya ne.

A ƙarshen watan Agusta na saya. Kafin nan na ɗan zaga Wudil ranar Juma'a da Dambatta ranar Lahadi don inji farashi kawai, daga baya na sayo a wata kasuwar ƙauye kusa damu inda kuɗin mota bazai cinye ni ba. Lokacin na zaɓe shi da gangan, rumbu ya kusa ƙarewa, sabon hatsi bai shigo ba, ga hidimar komawar yara makaranta, manomi yana neman kuɗi, akuya kuwa ita ake fara kamawa a kai kasuwa. Jajaye na ɗauka, irin na Sokoto da Maraɗi, domin dogayen nan na Sahel ƙashi ne da tsawo, suna da kyan gani daga nesa amma basa saurin cika, kuma damshin damina yana wahalar dasu.

Abinda nake dubawa a jikin kowanne, na farko haƙori. Ina buɗe baki, in naga duk ƙananan haƙoran nono ne kuma jikin ƙarami toh yaro ne sosai, zai ci abincinka ya tafi dashi tsawo. In naga manyan haƙora shida ko takwas sun fito har sun fara cinyewa, tsoho ne, ya gama girman da zaiyi. Wanda nake so shine mai manyan haƙora biyu na gaba, wato ya shekara ko ya ɗan haura, mai faɗin ƙirji da gadon baya, ramamme saboda yunwa ba saboda ciwo ba. Bambance ramar yunwa da ta ciwo shine aikin. Sai ka janyo fatar ido ta ƙasa, in tayi ja-ja lafiya, in tayi fari fat tsutsa ta shanye masa jini. Ka duba hanci ko da majina, ka ɗaga wutsiya ko da alamar zawo ya bushe, ka ɗan matsa maƙogwaro kaji ko zaiyi tari. Dillalin har ya gaji dani yana cewa "Alhaji kai kam ko amarya za'a kai maka ba'a wannan binciken", nace masa "Malam ai amarya bata mutuwa da jarina a sati uku".

Goma ɗin sun tashi N410,000. La'adar dillali da rasit na kasuwa da kuɗin a-kori-kura zuwa gida N14,000. Wato kafin ɗayansu ya ci ko tsinke an kashe N424,000. Na rataye sikeli a bishiyar darbejiya na riƙa saka kowanne a buhu ina aunawa, matsakaicinsu kilo 16 ne, kaga kowane kilo ya tsaya min wajen N2,560. Ka riƙe wannan lambar don zamu dawo kanta.

Sati biyun farko ba na ƙiba bane, na tsira da rai ne. Dabbar da ta saba yawo a jeji aka kamo ta, ta wuni a rana a kasuwa cikin ɗaruruwan dabbobi, aka cusa ta a mota, toh duk ciwon da ke ɓoye a lokacin yake fitowa. Ranar farko ruwa da ciyawar da aka shanya ta ɗan yi yaushi kawai na basu. Bayan kwana biyu malamin dabbobi yazo ya ɗura musu albendazol na tsutsar ciki, kuma ya ja hankalina cewa akuya tana buƙatar fiye da awon da ake ba tunkiya mai nauyinta, wanda ya basu awon tumaki tsutsar bata mutuwa duka sai ma ta saba da maganin. Yayi musu allurar ibamektin saboda ƙazuwa da kwarkwata, sannan da suka natsu aka yi rigakafin cutar PPR, wanda ake haɗawa a cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato. Kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, kuma in an haɗa ta da ruwa bata kwana, ko zafi bata so, don haka muka haɗu da maƙwabta masu awaki aka raba kuɗin. PPR ɗin nan ita ce ke share garke, zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambo a baki, sai zawo mai wari, kuma allurar kashe ƙwayoyin cuta da mutane ke ruga wa saya bata kashe ta, sai dai ta rage abinda ya biyo bayanta. Rigakafin ma baya ceton wanda ya riga ya kwaso ta daga kasuwa.

A sati na uku ɗaya ya mutu. Ciwon huhu ne, ya fara da tsayuwa gefe guda kai a sunkuye, baya tuƙa, numfashi sama-sama, da aka sa masa ma'aunin zafi ya haura 40 alhali lafiyayyar akuya wajen 39 take. Anyi masa oksitetrasaikilin mai dogon aiki, ya ɗan farfaɗo har ya taɓa ciyawa, da asuba aka tarar dashi mushe, ko yankawa ba'a samu anyi ba. Saura tara kenan, amma kuɗin goma ne akan su. Bayan wannan ne aka dandaƙe sauran suka zama taure, don bunsurai in ka haɗa su wuri ɗaya aikinsu kenan karo da hawan juna, ƙarfin da ya kamata ya zama nama a nan yake tafiya. Dandaƙar ma tana jawo musu 'yan kwanaki basa cin abinci sosai. Magani gaba ɗaya, har da maimaita na tsutsa bayan sati uku da bitamin da ladan malamin, N19,000 ya ci. A cikin duk abinda na kashe shine mafi ƙanƙanta, shine kuma mutane suka fi yiwa ƙwauro.

Yanzu abinci, inda kuɗin yake zurarewa a hankali baka ji. Haɗin da nake yi, dusar masara kashi biyar, ƙowar wake kashi biyu, ƙuli-ƙulin da aka daka kashi ɗaya, a awon nauyi ba na kwano ba domin ƙowa bata da nauyi, sai ɗan gishiri. Da tafin hannu ɗaya na fara wa kowanne ina ƙarawa kaɗan-kaɗan har kusan sati biyu kafin su kai wajen giram 400 a rana, rabi da safe rabi da yamma, kuma sai sun fara cin ciyawa ko harawa tukuna. Dalili, tumbin da ya saba da ganye in ka cika shi da dusa ko hatsi lokaci guda yana yin tsami, sai kaga ciki ya kumbura ta gefen hagu, dabba tana cizon haƙora, zawo fari-fari, wani ma kafin ka nemo mai magani ya tafi. Akwai kuma matsalar da tafi kama taure, dusa tayi yawa ruwa yayi kaɗan sai tsakuwa ta taru ta toshe hanyar fitsari, zaka ga yana ta yunƙuri yana kuka fitsari na ɗiga ko baya fita sam. Shi yasa ruwa baya yankewa a gabansu, gishirin ma amfaninsa kenan, yasa su sha.

Kuma akuya ba rago bace wajen ci. Rago ka zuba masa ya sunkuya ya share, ita kuwa sai ta zaɓa, ta tsince ganyen harawar ta bar maka kara, wanda ya faɗi ƙasa ta taka ko tayi fitsari a kai bazata sake kallonsa ba ko yunwa zata kashe ta. A watan farko kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ciyawar shara yake zama, sai da na koma rataye harawa da igiya daidai kansu, na ɗora bahon dusa kan bulo yadda bazasu sa ƙafa ciki ba. Manyan na ɗaure su daban lokacin cin dusa, in ba haka ba biyu zasu cinye rabon huɗu.

A Satumba ɗanyar ciyawa wani yaro ke yanko min. Da kaka ta shigo na sayi harawar wake da ta gyaɗa tun a gona, lokacin da take da arha, irin damin da zuwa bazara sai ka biya ninkinsa ko fiye. Ga yadda abincin ya tashi:

Dusar masara buhu 5, N75,000
Ƙowa buhu 4, N36,000
Ƙuli-ƙuli buhu 1, N28,000
Harawa dami 60, N54,000
Ciyawar Satumba, N15,000
Gishiri da kanwa, N3,000

Jimla N211,000. In ka raba wa tara ɗin na tsawon wajen kwana 110, kowanne yana cin wajen N210 a rana. A ido kamar ba komai, ai ko shayi da burodi bazai saya maka ba, amma tambayar ita ce N210 ɗin nan nama nawa take sayo maka.

Nan sikelin yayi min rana. Duk sati biyu nake aunawa. Farkon zuwansu babu abinda suka ƙara, wasu ma raguwa suka yi. Daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Nuwamba ne suka yi gudu, masu kyau suna ƙara nauyi sosai, gashi ya kwanta yana sheƙi, ƙashin baya ya ɓace. Daga nan sai abin ya fara ja baya, da sanyin hunturu ya shigo ci ya ƙaru amma ƙarin nauyi ya sauka zuwa giram 30 ko 40 a rana. Akwai biyu da tun farko basu taɓa haura wannan ba, ci kamar kowa, jiki shiru, irin waɗanda suka tsumbure tun suna ƙanana ne kuma babu ƙuli-ƙulin da zai gyara su. A ƙarshe matsakaicin nauyinsu ya tsaya kilo 22 da rabi, wato kowanne ya ƙara kilo 6 da rabi.

Toh yi lissafi da kanka. Abincin kowanne wajen N23,400, a raba da kilo 6 da rabi, kowane sabon kilo ya tsaya N3,600 a abinci kaɗai. In ka ɗora magani da kuɗin ruwan 'yan garuwa N12,000 da ladan yaron da ke shara da basu abinci N18,000, kilon yana komawa sama da N4,400. Ni kuma da na saida, in aka raba kuɗin da nauyinsu, wajen N3,840 kilo ya kama. Ma'ana naman da na ɗora musu da hannuna, na saye shi da tsada na saida da arha. Wannan ne abinda masu cewa kiwon turke riba ce tsantsa basa faɗa maka, ko kuma basu taɓa aunawa ba.

Ribar a kilo 16 ɗin farko take. Na saye su a N2,560, na saida su a N3,840, bambancin N1,280 a kowane kilo, wajen N20,000 kenan akan kowane taure tun kafin a zo maganar sabon nama. Abu biyu ne suka kawo wannan tashin. Ɗaya lokaci, tsakiyar Disamba fatake na loda tireloli zuwa Anacha da Inugu da Fatakwal da Legas saboda Kirsimeti da sabuwar shekara, kuma can naman akuya ne abin so, don haka kasuwa tana neman awaki ido rufe. Na biyu cika, mai saye yana kama gadon baya da ƙirji da gindin wutsiya, in yaji nama ya rufe ƙashi farashin dabbar gaba ɗaya yake ɗagawa ba na sabon kilon kawai ba. Don haka bazan ce abincin banza bane, shine ya ɗauke su daga layin ramammu ya kai su layin da fatake ke rububi. Amma da zarar sun cika, duk ranar da suka ƙara a turke cinye maka riba suke yi. Da ace a farashin da na sayo na saida, kilo 22 da rabi sau N2,560 sau tara, wajen N518,000 zan kama, in tashi da faɗuwar da ta kusa dubu 180.

Ranar kasuwa na kai su da sassafe kafin motoci su cika, don in fatake suka gama lodi sai ka koma hannun mahauta da masu tsire, su kuma taya su daban ce. Wata guda kafin nan na tsaida duk wata allura, saboda oksitetrasaikilin da ibamektin suna daɗewa a nama, mutane ne zasu ci. Manya huɗu sun tafi a N95,000 kowanne, uku a N86,000, tsumburarrun nan biyu da ƙyar aka kai N70,000, dillalin yana ta cewa "Alhaji a sallama, albarka ake nema", ni ma na san in na maida su gida N420 ce kullum zata riƙa fita a kansu, na sallama. Jimla N778,000. Takinsu da na riƙa tarawa a buhu masu lambu suka saye buhu 8 a N12,000. Abinda ya shigo kenan N790,000.

Abinda ya fita kuwa, saye da kawowa N424,000, abinci N211,000, magani N19,000, ruwa N12,000, yaro N18,000. Rumfar da na gyara da bahuna da igiya sun kai dubu 30, amma tunda zasu yi min zagaye uku sai na ɗora wa wannan karon N10,000. Kai su kasuwa da la'ada da rasit N13,000. Duka N707,000. A cire daga N790,000, saura N83,000.

Dubu 83 akan jarin dubu ɗari bakwai da ɗoriya, kusan kashi 12 cikin ɗari a ƙasa da wata huɗu, ban sa ladan kaina ba, ban sa kuɗin haya ba tunda filin gidanmu ne. Wani zai ce ai ba laifi, nima haka nace, sai dai dubi yadda take a bakin rami. Wanda ya mutu da ya rayu, bayan an cire abincin da zai ci, da ribar ta kai wajen dubu 140. Da kuma wani ɗaya ya sake faɗuwa a Disamba bayan ya gama cin abincinsa, da shikenan na yi wa kasuwa aikin gayya. Sannan akwai abinda littafi baya nunawa, in zaka sake cika garken bayan Kirsimeti, irin bunsurun da na saya dubu 41 bazaka same shi a haka ba, don haka wani ɓangare na ribar ba na kashewa bane, jarin ne yake bin hauhawar farashi.

Wasu sun tambaye ni me yasa ban riƙe su zuwa Babbar Sallah ba. Na farko Sallah kasuwar rago ce, taure yana tafiya ga wanda rago ya fi ƙarfinsa, kuma dole ya cika shekara ya zama ba aibu kafin ya isa layya, amma tashinsa baya kai na rago. Na biyu, riƙe tara na ƙarin wata biyar ko shida a N210 kowanne kusan dubu 57 ne duk wata, a lokacin da harawa da dusa ke ƙara tsada su kuma sun daina ƙara nauyin kirki. Sai farashinsu ya tashi da sama da dubu 30 kowanne kafin ma a maida kuɗin abincin.

Zagaye na gaba da nake shiri, kwana 90 zan tsaya, kuma duk wanda awo uku a jere ya nuna baya haura giram 40 a rana zan fitar dashi tun a wata na biyu ko da kuɗinsa kawai zai dawo, abincinsa ya koma bakin masu ci su nuna. Harawa kuma na riga na saye tun kaka na jibge a kan rumfa, an rufe ta da tamfol ta sama an bar gefe iska na shiga, domin in rana ta dake ta ganyen yake kakkaɓewa ya bar kara, in kuma danshi ya shige ta tayi fumfuna awaki ko shinshinawa basa yi.